«Na bata wayar»: ka ba ta ne, ko ka ɓata ta?

Darasinmu na yau kan baƙaƙe masu ƙugiya ne, wato ɓ, ɗ, ƙ da 'y. A Nijar wannan na ƙarshe ana rubuta shi ƴ. Kowannensu baƙi ne mai zaman kansa, sautinsa daban da na b, d, k da y. Saboda haka duk lokacin da ka bar ƙugiya a saƙon waya, wani baƙi ka saka a gurbin wani.

To me ya sa duk da haka muke fahimtar juna? Saboda yawancin kalmomin ba su da abokan tagwaitaka. In ka rubuta "kudi", "daya", "barawo" ko "karfe", Bahaushe zai mayar da ƙugiyar da kansa, tunda babu wata kalma da za ta yi musu kutse. Kuskure ne a ƙa'idar rubutu, amma saƙo ya isa.

Wasu kalmomin kuma suna da tagwaye, sai dai jimla tana raba gardama. Kura dabba ce, ƙura kuwa ta hanya ce, amma in aka ce "mota ta tayar da kura" ba wanda zai tsere. Haka "yayansa sun dawo": "sun" ya nuna jam'i, ka san 'ya'yansa ake nufi. Da "ya dawo" aka rubuta, to yayansa ne, wanda ya girme shi.

Matsalar tana inda kalmomin biyu za su iya zama a gurbi ɗaya, jimla ta tashi daidai ta kowace fuska. Dubi waɗannan:

"Mun saba da ita." Mun saba, wato mun shaƙu? Ko mun saɓa, wato an samu saɓani? Ma'ana biyu masu kishiyantar juna.

"Malam ya yi kara." Ya yi kara, wato ya nuna kawaici da mutunci? Ko ya yi ƙara, maganar ta kai gaban hukuma?

"An kare shi." An kare shi daga sharri, ko an ƙare shi?

"Ya bar wa yayansa gidan." A nan babu "sun" ko "ya" da zai cece ka. Gida na 'ya'ya ne ko na yaya? Ka ga irin saƙon da zai iya haɗa dangi faɗa.

Yanzu mu ɗauki misalin da ke kan wannan rubutu mu warware shi daki-daki. A ce ka ba ƙanenka waya ya kai wa Inna. Can da yamma sai ga saƙo: "Yaya na bata wayar." Karatu na farko: "Na ba ta wayar", aike ya isa. Karatu na biyu: "Na ɓata wayar", ta lalace a hannunsa. Na farko godiya zai jawo masa, na biyu kuwa faɗa.

Lura da cewa kuskure biyu ne suka haɗu suka haifar da ruɗanin. Na ɗaya, barin ƙugiya, wanda ya mayar da ɓata ta koma "bata". Na biyu, haɗe kalmomin da ƙa'ida ta ce a raba. "Ba" aikatau ne, "ta" wakilin suna ne da ke karɓar aiki, kuma a rabe ake rubuta su: ba ta, ba shi, ba ni, ba mu. Da mutane suna kiyaye rabawar kaɗai, duk "bata" da ka gani a haɗe a irin wannan jimla ka san ɓata ce. Da kuma suna kiyaye ƙugiyar kaɗai, "bata" marar ƙugiya ka san ba ta ce. Da yake an saki duka biyun, mai karatu ba shi da madafa.

Ga gwajin da zai taimake ka in kana shakkar rabawa: cire "ta" ka sa "shi". In jimlar ta tashi, "Na ba shi wayar", to kalmomi biyu ne, ka raba. In lalacewa kake nufi, ba inda za ka cusa "shi" a cikin kalmar, domin ta ɗin jikinta ne: ɓata, da ƙugiya, a haɗe. Ka lura ma da Baba aka kai wa wayar, ruɗanin ba zai taso ba sam.

Daga ina wannan ɗabi'a ta samo asali? Ba lalaci ne kaɗai ba. Ƙananan wayoyi masu maɓallai ba su zo da waɗannan baƙaƙe ba. Ga kuma batun kuɗi. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160 in dai haruffan Turanci ne zalla. Da ka sa ƙ ɗaya tak, saƙon yakan koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, in kuma ya wuce haka a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace 67. Ke nan saƙo mai haruffa 150 da zai tafi a matsayin ɗaya, sai ya zama uku. A WhatsApp da Facebook babu wannan cajin, amma hannu ya riga ya saba.

Shi ya sa mutane suka ƙirƙiro dabaru: "6ata" da lamba shida, "qasa" da q, "d'aki" da "k'asa" da waƙafin sama. Suna kawar da ruɗani, amma ba daidaitacciyar Hausa ba ne, kada ka kai su takardar jarrabawa. In tes za ka tura kuma dole ka zaɓa, waƙafin sama ya fi kusa da ƙa'ida, tunda da shi muke rubuta 'ya'ya da sa'a. A babbar waya kuwa ba ka buƙatar dabara. In Gboard kake amfani da shi, shiga Settings, sai Languages, sai Add keyboard, ka zaɓi Hausa.

Sai dai ƙugiya ma tana da iyaka. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Baƙi mai ƙugiya zai iya zama launi, ko mutanen da suka sauka gidanka, ko harafi. Faɗa zai iya zama rigima, ko furta magana, ko faɗawa rami. Ƙugiya ta raba su da baki da fada, sauran aikin na jimla ne. Don haka in saƙo ya shafi kuɗi, gado, rashin lafiya ko zumunci, ƙara kalma ɗaya da za ta toshe ɗaya ma'anar: "Na ba Inna wayar", "Mun saba sosai", "Ya bar wa 'ya'yansa uku gidan".

Ga aikin gida. Kowace jimla a nan tana da karatu biyu. Rubuta duka biyun da cikakkiyar ƙa'ida, ka faɗi ma'anar kowanne:

1. Ya tafi fada.
2. Ta iya saka.
3. An bata littafin.
4. Na gaida yayanta.