Inuwar da Ke Zaunar da Kaya a Kan Tebur

Wata mai sayar da humra ta ɗauki hoton kwalbarta a kan zanen gado, ta turo wa mai haɗa hotuna ya mayar da ita kan wani teburin katako mai kyau. Ya yanke kwalbar tsaf, ya ɗora. Da ta gani sai ta ce, "Malam, ai kwalbar nan shawagi take yi, ba ta zauna ba." Gaskiyarta. Yanka ya yi, inuwa ce babu.

Masu koyo da yawa sukan garzaya wajen `Drop Shadow` a Photoshop. Wannan kuwa kwafin siffar abu kawai yake yi, ya ɗan gusar da ita a bayansa, sai ka ga kwalba kamar takardar da aka manna a bango. Inuwar gaske daga gindin abu take tashi, ta kwanta a kan tebur.

Kafin ka taɓa buroshi, tambayi hoton daga ina haske ya zo. A kwalbar nan ƙyalli yana hagu, dama ta fi duhu, ashe taga tana hagu ke nan, inuwa kuma dama za ta faɗi. Sai ka duba teburin. In akwai kofi a kai da inuwarsa ta nufi hagu, hotunan biyu sun saɓa, kuma ba gwanintar da za ta ɓoye hakan. A juya hoton teburin da `Flip Horizontal`. Kada a juya kwalbar, don rubutun jikinta zai koma baibai. Tsawon inuwa ma hasken ne ke yanke shi: in ya sauko a kusurwar digiri 45, tsawonta a kan tebur daidai yake da tsayin abin; in ya fi haka tsayi, kamar rana tsaka, sai ta gajarce.

Fara da wadda ta fi ƙanƙanta, domin ita ce ta fi aiki. Ajiye kofi a gabanka ka sunkuya ka duba inda gindinsa ya taɓa tebur. Za ka ga wani siririn layi mai duhu sosai, wurin da haske ba ya iya shiga. Buɗe sabuwar leya a ƙarƙashin ta kwalbar, ka sa ta a `Multiply`. Launin kada ya zama baƙi ƙirin. Ɗauko shi da `Eyedropper` daga wurin da ya fi duhu a katakon, ka ƙara masa duhu, saboda inuwa a kan katako ruwan ƙasa ce mai duhu. A hoto mai faɗin fiksel 2000, buroshi mai laushi na fiksel 15 ya isa, `Hardness` a 0, `Flow` wajen 10. Bi lanƙwasar gindin a hankali, fiksel uku ko huɗu kawai su leƙo waje. Nan take za ka ga kwalbar ta yi nauyi.

Sannan doguwar inuwa. Riƙe `Ctrl` ka danna ɗan hoton leyar kwalbar don zaɓo siffarta, ka cika ta da launin nan a wata leya ta ƙasa. Danna `Ctrl+T`, ka zaɓi `Distort`, ka jawo saman siffar ƙasa zuwa dama har ta kwanta, gindinta na manne da gindin kwalbar. A nan ake yawan faɗuwa: ko tazarar fiksel biyu ta shiga tsakani, shawagi ya dawo.

Inuwa ba ta da kaifi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Taga tana da faɗi, don haka duk nisan da inuwa ta yi daga gindi, bakinta yana ƙara bajewa. Sai ka yi kwafi biyu: ɗaya ka ba shi `Gaussian Blur` na fiksel 5, ɗayan na 30. Da `Layer Mask` ka bar mai kaifin kusa da gindi, mai laushin kuma can nesa, ka dusar da ƙarshensa. `Opacity` tsakanin 40 da 60 yakan yi, amma inuwar kofin da ke kan teburin ita ce ma'auni. Taka kada ta fi ta duhu. Tun da kwalbar gilashi ce, haske na ratsa ta, sai ka ɗan goge tsakiyar inuwar ka shafa launin humrar kaɗan a wurin. Da takalmi ne, ba ruwanka da wannan.

In ka gama, ƙanƙanta hoton ya dawo girman fuskar waya, tun da a nan mai saye zai gan shi. Inuwar da ta rufe zanen katakon gaba ɗaya ta yi yawa, wadda kuma ido ya fara sauka a kanta kafin kwalbar, a rage ta. Ni dai nakan sauke `Opacity` da kamar 10 daga inda na fara jin ta yi daidai, sannan in tura wa mai kaya.