Rabin Awa Babu Wanda Ya Ce Uffan

A shekarar 1955 darakta Jules Dassin ya fitar da wani fim a ƙasar Faransa mai suna Rififi. A tsakiyarsa ɓarayi huɗu sun fasa kantin gwala-gwalai a birnin Paris cikin dare, an kwashe kusan rabin awa ana nuna aikin, babu magana, babu kiɗa. Har yau masu koyon shirya fim suna komawa ga wannan fitowa su ga yadda ake ba da labari baki a rufe.

Dabarar ta fara ne tun kafin a yi shirun. Dassin ya riga ya nuna ɓarayin suna gwada irin ƙararrawar da ke kantin, mai kallo ya gane cewa girgiza kaɗan ta isa ta tayar da ita. Da wannan kawai ya ba mu dalilin shirun. Mutanen nan sun kame bakinsu ne domin motsi ɗaya zai iya kai su gidan yari. Nan ne masu gwada wannan salo suka fi tuntuɓe: sai ka ga mutum biyu a falo, babu abin da ya hana su magana, suna ta nune-nune da hannu. Mai kallo zai gane darakta ne ya ɗaure musu baki, daga nan labarin ya fita ransa.

Ɓarayin sun shiga gidan da ke saman kantin, suka fara huda daɓen da guduma wadda suka naɗe kanta don rage ƙara. To ɓaraguzan fa, in suka zuba ƙasa? Da rami ya ɗan buɗe sai suka zura laima a rufe, suka buɗe ta daga ƙasa ta riƙa tare tarkacen. Babu wanda ya yi mana bayani. Mun ga laima, mun tambayi kanmu amfaninta, sannan hoto ya ba mu amsa. A ganina wannan ne ƙashin bayan aikin: kowane hoto ya jefa tambaya, na gaba ya amsa. Haka aka yi da ƙararrawar, wadda suka cika da kumfar tukunyar kashe gobara har muryarta ta shaƙe.

Sauti kuwa bai tafi ko'ina ba. Ana jin numfashi, da bugun guduma a hankali, da kukan na'urar huda ƙarfe a bayan akwatin ajiya. Saboda kunne ya saba da ƙananan sautuka, lokacin da ɗayansu ya taɓa fiyano bisa kuskure, sautin nan guda ya isa ya faɗar wa mutum da gaba. Mai tsara kiɗan fim ɗin, Georges Auric, ya rubuta wa fitowar kiɗa, amma da ya kalle ta da kiɗan, ya sake kallonta babu shi, ya yarda a cire. Ya yi daidai, don da kiɗan ya binne sautukan da labarin ke tafiya a kansu. Masu shirya finafinanmu na Hausa, da kan shimfiɗa kiɗa daga farkon fitowa har ƙarshenta, ya kamata su dubi wannan da kyau.

Sai tacewa. Mai tace fim shi ke yanke tsawon zaman kowane hoto a idon mai kallo. A Rififi ana barin kyamara ta daɗe a kan hannu yana aiki, har ka ji gajiyar a jikinka, sannan a yanka zuwa fuska mai zufa, zuwa agogo, a komo kan ƙarfe. Da gari ya kusa wayewa aka shigo da titi, inda 'yan sanda masu sintiri suka lura da motar da ɓarayin suka sato. Wuri biyu ke nan ana zirga-zirga tsakaninsu, hankalin mai kallo ya rabu gida biyu. Da an fara da yanka mai sauri tun minti na farko, da babu sauran abin da za a ƙara a ƙarshe.

Salon yana da iyaka. Hoto ya iya nuna abin da mutum yake yi yanzu, amma da wuya ya faɗi abin da ya faru shekaru biyar baya, ko alkawarin da ke tsakanin mutum biyu. Shi ya sa Dassin ya bar waɗannan ga maganganun farkon fim.

In kana da waya mai kyamara, ɗauki labari na minti biyu ba magana, ka nuna wa wanda bai san shi ba. Tambaye shi me jarumin yake so, me kuma yake tsoro. Inda ya kasa amsawa, nan ne hoton da ba ka ɗauka ba.