Yadda ake tafasa madara ba ta zube ba, a haɗa shayi babu yana babu ƙauri

A Damari da sauran garuruwan ƙasar Birnin Gwari, madara iri uku ce ke shiga kofin shayi: ta gari da ake aunawa a shago, ta gwangwani, da kuma ɗanyar madarar shanu daga rugagen Fulani da ke kewayen daji. Ta ukun ta fi gardi, amma ita ce mai ba da wahala a kan wuta. Ko dai ta taso ta malale a kan murhu, ko ta kama gindin tukunya ta yi ƙauri, ko kuma a sauke ta lafiya, kafin a kai baki ta yi yana a saman kofi. Matsalolin nan uku tushensu ɗaya ne, kuma wanda ya gane tushen ba ya buƙatar wani kayan aiki da ya wuce tukunya da ludayi.

Kusan kashi 87 cikin ɗari na madarar saniya ruwa ne. Sauran kuwa maiƙo ne, da sukarin madara, da furotin, da gishirin ma'adinai. Furotin ɗin bai wuce kashi uku da rabi cikin ɗari ba, amma shi ke haddasa duk abin da muke gani. Wani sashe nasa ba ya jure zafi. Da zarar madara ta haura digiri 70, sai ya warware daga yadda yake a dunƙule, ya zama mai danƙo, ya riƙa manne wa duk abin da ya samu: ƙarfen tukunya, ƙwayoyin maiƙo, ko kumfa.

A saman tukunya, inda madara ke haɗuwa da iska, ruwa yana fita a matsayin tururi. Furotin da maiƙon da aka bari a wurin sai su taru su bushe, su zama wannan siririyar fatar da ake kira yana. Shi ya sa idan ka kwashe ta, wata take fitowa: muddin saman madara mai zafi yana buɗe, bushewar ba ta tsaya ba. Yana ba datti ba ce, ba kuma alamar madara ta lalace ba ce. Abinci ce, kuma duk wanda ya kwashe ya zubar ya rage wa madararsa maiƙo.

A ƙasan tukunya kuwa, inda wuta ke dukan ƙarfe, furotin yana kwanciya ya manne. Wannan shimfiɗar tana tare zafi, har ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya fi madarar da ke sama zafi nesa ba kusa ba. A nan furotin da sukarin madara suke haɗuwa su yi ja, sannan su yi baƙi. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ne ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, kuma ita ce ke ba tsire da ɓawon burodi launinsu da ƙamshinsu. A cikin madara, kaɗan daga cikinta daɗi ne, amma idan ta zarce sai ƙanzo da ƙauri.

Zubewa tana faruwa ne idan abin da ke ƙasa ya haɗu da abin da ke sama. Ruwa zalla idan yana tafasa, kumfarsa tana fashewa da ta iso sama. A madara, furotin yana lulluɓe kowace ƙwayar kumfa ya hana ta fashewa, sai su yi ta taruwa, wata a kan wata. Yana kuma ta rufe su kamar marfi, tururi ya rasa mafita. Daga nan sai gaba ɗaya ta taso, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta kai bakin tukunya.

Wani zai ce to a bar tafasawar mana, a huta. Ga ɗanyar madara wannan ba mafita ba ce. Saniya tana iya ɗauke da cutar bakkale, wadda ke sa ta ɓari, ko tarin fuka na shanu, kuma dukansu suna kama mutum ta hanyar shan madarar da ba a dafa ba. Kamfanonin madara suna kashe ƙwayoyin cutar da zafin digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. A gida ba kowa ke da ma'aunin zafi ba, don haka tafasa ita ce shaidar da ido ke iya gani.

Mu ɗauki mai shayi ko uwargida da ta sayi lita biyu na madara da safe. Kafin komai, ta tace ta da ƙyalle mai tsabta. Sannan ta ɗibi cokali biyu ta ɗora a wuta a ƙaramin mazubi. Idan ta tafasa lafiya, sauran ma za ta tafasa lafiya. Idan ta tsinke ta yi gudaji, to madarar ta fara tsami a hanya, kuma duk dabarar da za a yi ba za ta yi shayi ba. Wannan gwajin na minti ɗaya ya fi a yi asarar lita biyu da ganyen shayi da sukari.

Tukunyar da za ta ɗauka ta kasance mai cin lita biyar ko shida, yadda madarar ba za ta wuce sulusi ba, ko ta ɗan ɗara kaɗan. Sararin da ya rage shi ne wurin da kumfa za ta taso ta ba mutum lokacin kai hannu. Tukunyar dalma mai kaurin gindi ta fi ta silba marar kauri, domin kauri yana baza zafi ko'ina, ita kuwa marar kauri tana tara shi daidai inda harshen wuta ke taɓawa. Kafin a zuba madara, a ɗauraye tukunyar da ruwan sanyi, kar a goge. Wannan ɗan danshi yana rage saurin mannewar furotin a jikin ƙarfe, ko da yake ba ya maye gurbin juyawa.

Wutar ita ce babban al'amari. Mai murhun gas yana murɗa maɓalli wuta ta ragu nan take, amma a inda itace da gawayi ne abin girki, wuta ba ta jin magana da sauri. Saboda haka kar a ɗora madara a kan itacen da ke ci bal-bal. A bari harshen ya kwanta, a ɗora a kan garwashi. A bar tukunyar a buɗe, a riƙa juyawa da ludayi ko muciya mai tsabta, ana shafar gindin tukunya da kusurwoyinta, ba saman madarar kawai ba. Juyawa tana maganin abu uku a lokaci guda: tana hana furotin kwanciya a ƙasa, tana hana yana haɗuwa a sama, tana kuma fasa kumfa.

Madara tana ba da sanarwa kafin ta taso. Da farko tururi zai fara tashi. Sannan ƙananan kumfa su jeru a gefen tukunya. Daga nan saman ya fara rawa yana kumbura. A mataki na biyu ake zare itace ko a baza garwashi, ba a na uku ba, domin tukunya mai kauri tana riƙe zafi ko bayan an rage wuta. Idan ta taso, a ɗaga tukunyar ko a janye ta gefen murhu, kumfar za ta faɗa. A mayar da ita a kan wuta kaɗan ta yi minti biyu zuwa uku tana ɓararraka a hankali ana juyawa, sannan a sauke. Dabarar gitta ludayi a bakin tukunya tana fasa kumfar farko, amma jinkiri kawai take kawowa. Wanda ya dogara da ita ya tafi wani aiki zai dawo ya tarar da murhu ya jiƙe.

Marfi yana da lokacinsa. A kan wuta yana gaggauta zubewa, amma bayan an sauke shi ne maganin yana, domin tururin da ya tare yana hana saman madarar bushewa. Idan madarar za ta jira, a tsoma gindin tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi, a juya ta har ta huce, sannan a rufe.

Idan kuwa an makara har hanci ya ji ƙauri, a daina juyawa nan take. A juye madarar cikin wata tukunya ba tare da an kankare gindin ba. Idan an kama abin da wuri, za ta sha. Idan ƙaurin ya riga ya ratsa, sukari da kayan ƙamshi ɓoye shi kawai suke yi.

Wajen haɗa shayin, kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba ruwa da madara da ganye da sukari a buta guda, a bar su suna dahuwa. Madarar ta dahu sau biyu ke nan, sukarin da bai narke ba ya kwanta a ƙasa ya kama, ganyen kuma ya saki ɗacinsa. Ga kofi huɗu, a tafasa ruwa kofi biyu da rabi tare da kanumfari da citta na minti biyar. A sauke, a zuba ganyen shayi ƙaramin cokali huɗu, a rufe na minti uku zuwa biyar, a tace. Sai a zuba tafasasshiyar madara kofi ɗaya da rabi tana da ɗumi, a sa sukari, a juya. Idan ya huce, a ɗumama shi har ya yi tururi, kar a bari ya tafasa.

Citta tana buƙatar kulawa ta musamman. Ɗanyar citta tana da wani sinadari da ke daskarar da madara mai ɗumi, amma tafasa tana kashe ƙarfinsa. Shi ya sa ake dafa ta a ruwa tukuna. Lemon tsami da tsamiya kuwa ba su da wannan sassauci, domin tsami ne ke tsinka madara, kuma dafuwa ba ta kawar da shi.

Madarar gwangwani an riga an dafa ta a masana'anta, sai dai a zuba a kofi. Ta gari kuma a dama ta da ɗan ruwa mai ɗumi har ta yi laushi kafin a zuba ruwan shayi, domin tafasasshen ruwa yana dafa bayan garin ya bar cikinsa a bushe, ya zama gudaji. Sheƙa shayi tsakanin kofi biyu da masu shayi ke yi ba ado kawai ba ne. Yana narkar da sukari, yana rage zafi, kuma kumfar da ke tashi tana rufe saman kofin ta jinkirta yana. Shayin da ba za a sha nan take ba a zuba shi a filas, a cika shi sosai, a shanye cikin 'yan sa'o'i.

Ƙa'idar dai ita ce a tafasa madara sau ɗaya saboda lafiya, a dafa ganye da kayan ƙamshi a ruwa, a haɗa su bayan an sauke. Kuma daga lokacin da kumfa ta jeru a gefen tukunya har zuwa saukewa, mai girki kar ya bar gaban murhu.