Ciyar da mai doguwar jinyar zazzaɓi idan bakinsa ya ƙi abinci

'Yan'uwa, daga tsakiyar damina zuwa kaka, da wuya a zaga gidaje a Ƙaraye da Rogo, ko ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Challawa, ba a tarar da wanda zazzaɓi ya kwantar ba. Wani na cizon sauro ne, kwana uku da fara magani ya miƙe. Wani kuwa taifot ne, wanda kan ja mako biyu ko uku, kuma a kansa za mu fi tsayawa, domin shi ne ke barin mutum a rame, bakinsa na ɗaci, ko ƙanshin miya ba ya so. Magani aikin asibiti ne, kuma duk zazzaɓin da ya wuce kwana uku a je a gwada jini. Amma kwanon da ake kai wa ɗakin majinyaci aikinmu ne na gida.

Jiki mai zafi yana cin abinci fiye da jiki mai lafiya, ko da mutum yana kwance. Duk lokacin da zafin jiki ya ƙaru da digiri ɗaya, abin da jiki ke ƙonawa yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100. Idan abinci bai shigo ba, jiki yakan juya ya ci naman kansa, musamman tsokar cinya da ta damtse. Shi ya sa ƙafafun wanda ya tashi daga taifot ke rawa. Maganar "a bar shi, in ya ji yunwa zai nema" ba ta aiki a nan, domin ciwon ne ya kashe yunwar. Da agogo ake ciyar da irin wannan majinyaci, kamar yadda ake ba shi magani.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce magidanci ne manomi, ɗan shekara 35, a wani ƙauye na Rogo. Nauyinsa a da kilo 60 ne, yanzu ya koma 54. Ya yi kwana goma sha biyu da zazzaɓi, an duba shi a asibiti an ce taifot ne, an ba shi ƙwayar sifro safe da yamma, an sallame shi gida. Kwana biyar ke nan ba abin da ke shiga cikinsa sai 'yar kurɓar koko.

Da ruwa za a fara. Irin wannan mutum yana bukatar lita biyu da rabi zuwa uku a yini, wato kwatankwacin ledar fiya wata biyar ko shida, idan an haɗa da kunu da romo. Kada a miƙa masa kofi cike a ce ya shanye, zai dawo da shi. Kurɓa biyu ko uku bayan kowane minti goma ta fi zama a ciki. Idan ya yi amai, a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Ruwan ya zama dafaffe, domin ta ruwa da abinci taifot ke shiga. Idan akwai gudawa ko gumi mai yawa, a sayo ƙullin gishiri da sukari na kemis a haɗa yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta ruwa. Kada ɗanɗanonsa ya fi hawaye gishiri, kuma abin da ya kai awa 24 a zubar. Fitsari ne zai nuna mana ko ruwan ya isa: idan yana fita sau huɗu ko fiye a yini, launinsa fari-fari, to, an dace. Idan ya yi ja kamar shayi, ko an yi awa takwas bai fita ba, ruwan bai isa ba.

A nan muna so mu yi magana a kan ƙarin ruwa, domin mutanenmu sun ɗauke shi kamar abinci. Ledar ƙarin ruwa mai sukari, ta rabin lita, giram 25 na sukari kawai ke cikinta, wato abin da bai wuce babban cokali biyu ba. Tana ceton wanda ya bushe ko ya kasa haɗiya, amma ba ta mayar da tsoka ko kaɗan. Kuɗin leda biyu a kemis da an sayi ƙwai da gyaɗa da su, da majinyacin ya fi amfana.

Sai kunu, wanda shi ne ginshiƙin dukan tsarin. Matsalar kokon da muke dama wa marasa lafiya ita ce tsinkewa. Muna tsinka shi don ya yi sauƙin sha, sai ya zama kusan ruwa ne zalla. Kofi ɗaya na irin wannan da ƙyar ya kai kalori 100, alhali manomin namu yana bukatar kusan 1,900 a yini kafin ya fara mayar da jiki. Ko lafiyayye ba zai sha kofi goma sha tara ba. Saboda haka kofin ne za a ƙara wa ƙarfi. Babban cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa yana ƙara kusan kalori 90, na sukari kusan 50, na man gyaɗa kusan 120. Kunun gyaɗa mai ɗan kauri da sukari yana iya kai 250 zuwa 300 a kofi guda, wato ninki uku na tsinkakken koko, kuma cikin bai ɗauki fiye da kofin ba. A tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi funfuna ko take ɗaci a zubar.

Idan ya ce kaurin na tsaya masa a wuya, iyayenmu mata masu kunun zaƙi sun riga sun san dabarar, wato tsiro. A jiƙa gero ko dawa, a rufe kwana biyu ko uku har ya tsira, a shanya, a niƙa. Idan an dama kunu da kauri, a bar shi ya ɗan huce, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na garin tsiron a juya. Cikin minti kaɗan zai saki ya yi ruwa-ruwa ba tare da an ƙara ruwa ba, ya kuma yi ɗan zaƙi. Sai a mayar da shi wuta ya tafasa kafin a ba shi.

To, amma kada a yi gaggawa. Wanda ya yi kwana biyar ko fiye bai ci abin kirki ba, idan aka cika masa ciki farat ɗaya, gishirin jininsa na iya rikicewa. Alamarsa kumburin ƙafa, bugun zuciya da sauri, numfashi sama-sama ko ruɗewa, kuma wannan na asibiti ne. Don haka a kwana biyun farko rabin kofi ya isa, bayan kowace awa biyu, daga safe zuwa dare, wato kusan sau bakwai ko takwas. Kafin kowane ci a goge masa baki da harshe da aswaki ko ruwan ɗumi da gishiri, domin yawancin ɗacin a kan harshe yake. A zaunar da shi, kada ya sha a kwance. A lura da lokacin da jikin ya yi sanyi, sau da yawa da safe ne ko awa ɗaya bayan farasitamol, a kai masa mafi ƙarfin abincin a lokacin. Kuma a zuba a ƙaramin kwano, babban kwano cike yana kashe wa majinyaci zuciya.

Daga kwana na uku zuwa na biyar, rabin kofi ya zama kofi, a shigo da abin taunawa mai laushi: dafaffen ƙwai ɗaya ko biyu, faten dankali, shinkafa da ta dahu luguf da ɗan mai, romon kaza ko kifi da naman a ciki. Romo zalla ruwa ne da gishiri, amfanin yana cikin tsokar. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa marar yaji na iya biyo baya, haka ayaba da gwanda. Rogo da garin kwaki suna cika ciki amma kusan ba su da abin gina jiki, kada su zama su ne abincin. Wake, zogale, rama da ɗanyen ganye a jinkirta su sai zazzaɓin ya sauka da kamar mako guda, sannan a fara da alala ko awara.

Akwai wurin da abinci da magani ke karo. Nono da madara suna hana sifro shiga jini yadda ya kamata. Idan manomin namu yana shan ƙwayarsa ƙarfe bakwai na safe da bakwai na yamma, to, ya sha ta da ruwa kawai, a ajiye nono ko shayi mai madara zuwa wajen sha ɗaya na rana ko azahar. Maganin zazzaɓin cizon sauro kuwa, mai ƙwaya 24 ɗin nan da babba ke sha huɗu-huɗu safe da yamma kwana uku, akasin haka yake: ya fi aiki idan an sha shi da madara ko abinci mai maiƙo kamar kunun gyaɗa. Nonon da za a ba majinyaci ya zama wanda aka tafasa madararsa kafin ta kwana. Ɗanyen nono kansa yana kawo wani dogon zazzaɓi, kuma furar talla da aka dama da ƙanƙara ko ruwan da ba a san asalinsa ba tana iya dawo da ciwon da ake jinya.

Masu zuwa gaishe da marasa lafiya, musamman zumuntar mata, sukan riƙo lemon kwalba ko na malt. Ba laifi, amma sukari ne kawai, kuma idan an sha kafin abinci yana toshe cikin. Ƙwai shida ko kwanon gyaɗa sun fi shi. Idan lokacin azumi ya zo a ikilisiya, mai wannan jinya ba ya ciki. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a kasuwa kuma a guje su, domin waɗansunsu kumburi suke sawa, suna kuma raunana garkuwar jiki. Mai ciwon sukari, ko na ƙoda ko zuciya, kada a bi masa wannan ma'auni na sukari da ruwa sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Mako na uku na taifot shi ne mafi haɗari, domin a lokacin ne hanji ke iya zubar da jini ko ya huje. Idan ciki ya murɗa farat ɗaya da ciwo mai tsanani, ya kumbura ya yi tauri, ko bayan gida ya fito baƙi kamar kwalta ko da jini, a dakatar da ci da sha gaba ɗaya, a nemi mota zuwa babban asibiti mai yin tiyata, ko da zai kai ga Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Saboda wannan haɗari ne ba a ba mai taifot asfirin ko ibufurofen. Amai da ya hana komai zama, idanu da suka yi rawaya, da barcin da ba a iya tashinsa, su ma ba na gida ba ne. Idan kuwa zazzaɓin ya haɗu da tarin mako biyu da gumin dare da rama, a je a gwada majina, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. Yaro mai shan nono a ci gaba da ba shi, a ƙara yawan sa shi a mama, kuma ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da awon damtsensa ya gaza santimita 11.5 na sashen tamowa ne.

Idan zazzaɓin ya sauka, yunwa takan dawo da ƙarfi, kuma a nan ne ake mayar da abin da aka rasa. A ci gaba da abinci uku na gida, da ƙarin kofin kunun gyaɗa biyu a tsakani, na aƙalla wata guda. Idan yana ƙara kamar rabin kilo a mako, tafiya ta yi kyau, wato kilo shidan da manomin namu ya zubar za su ɗauki wajen wata uku. Mun san kaka ba ta jira, amma a makonni biyun farko aikinsa zagaya gida ne da zama a gindin bishiya, yankan dawa da ɗaukar buhu a bar wa 'yan'uwa. A auna shi a sikeli ɗaya kowane mako. Idan zazzaɓi ya dawo cikin mako ɗaya zuwa uku bayan gama magani, a koma asibiti, domin taifot yakan yi kome.