Hoto a Hagu, Magana a Dama

Yau shirin namu na masu haɗa bidiyo ne, ko da waya kake ɗauka ko da babbar kyamara. Kuma zan yi abin da kamar bai dace da rediyo ba: zan bayyana muku takarda, alhali ba kwa ganinta. Sai ku ara mini hankalinku, in da hali ku jawo biro da takarda kusa.

Kwanakin baya wata ƙanwata da ke koyon aikin jarida ta kawo mini rubutun da ta yi a kan marinar Ƙofar Mata da ke Kano. Ta ce, "Yaya, na gama rubutu, gobe za mu je ɗauka." Na karɓa na duba, sakin layi ɗaya ne dunƙule. Ga abin da ta rubuta:

"Marinar Ƙofar Mata tana cikin tsofaffin wuraren sana'a a birnin Kano, ana cewa tun shekarar 1498 ake rini a cikinta. Masu rini suna haɗa ruwa da baba da toka da kanwa a cikin rami, su bar shi kwanaki har ya nuna. Sai su tsoma zane, su fitar, su sake tsomawa, sau da yawa, gwargwadon duhun da ake so. Idan aka fitar da zanen yakan fito da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Amma a yau sana'ar tana fuskantar ƙalubale iri-iri."

Da a rediyo ne, ni kaina sai in karanta shi haka ba tare da na taɓa komai ba. Amma na tambaye ta: idan kika miƙa wa mai kyamara wannan, me zai ɗauko miki? Ta yi shiru. To, maganin wannan shirun shi ne takarda mai gida biyu. A ja layi daga sama har ƙasa ya raba takardar. Gidan hagu na abin da ido zai gani ne, gidan dama na abin da kunne zai ji. Sannan a riƙa jan layi a kwance, yadda kowace magana za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da hotonta. Haka aka saba a gidajen talabijin, hoto hagu, sauti dama, kuma gara ka bi abin da aka saba don kada ka rikita wanda zai haɗa maka aikin.

Kafin mu yanka komai, sai da na sa ta karanta rubutun da ƙarfi, da irin muryar da za ta yi amfani da ita a bidiyon, ni kuma ina riƙe da agogon waya. Ya ɗauke ta sakan 40. Kalmomin a takarda 84 ne, amma a baki 90 ne, domin 1498 da ka rubuta kamar kalma ɗaya, in ka zo faɗa sai ka ce alif ɗari huɗu da casa'in da takwas, kalma bakwai ke nan. Masu ƙirga kalmomi da kwamfuta, nan ne lissafinku yake yawan karyewa. Kuma kowa da saurin bakinsa, saboda haka ka auna naka, kada ka ari na wani.

Sai yanka. Kuskuren da kusan kowa yake fara yi shi ne ya yanka a inda aya take, jimla ɗaya layi ɗaya. Ba aya ce ke yanka ba, canjin hoto ne. Jimlarta ta farko kaɗai sakan 12 ce. Ka ajiye mai kallo a kan hoto ɗaya da ba ya motsi har sakan 12, ai ya ɗaga yatsa ya wuce. Muka raba ta biyu. Layi na ɗaya, a dama: marinar tana cikin tsofaffin wuraren sana'a a Kano. A hagu: hoto daga nesa, filin ramukan gaba ɗaya, da safe, masu rini a tsugune, sakan 5. Layi na biyu, a dama: maganar shekara. A hagu fa? Shekara ba ta da hoto. Muka rubuta: bakin rami a kusa, inda ƙafa da hannu suka goge shi, sannan 1498 ta fito a rubuce a ƙasan allo, sakan 7. Ku lura, rubutun da zai fito a allo gidan hagu yake shiga, tunda ido ne zai karanta shi.

Na ce ku lura da wani abu kuma. Ba mu rubuta "hoton marina" kawai ba. Wannan ba umarni ba ne, fata ne. Mai kyamara yana buƙatar sanin abu uku: mene ne, daga nesa ko kusa, kuma me yake yi. In ba ka faɗa ba, zai ɗauko maka abin da ya burge shi, ka dawo gida da hoton 'yan yawon buɗe ido suna murmushi, babu toka ko ɗaya.

Jimla ta biyu ita ma ta rabu biyu. Kayan haɗi suka zauna a layi na uku: baba, toka, kanwa, kowanne a kusa, sakan bibbiyu, shida ke nan. Nan akwai tarko. Dole jerin hotunan ya bi jerin kalmomin. In murya tana cewa toka alhali allo yana nuna kanwa, Bakano zai yi dariya, baƙo kuwa zai tafi da ilimin banza. Kalmar ruwa muka cire ta, don babu wanda zai ga rami cike ya tambaya ko da ruwa. Layi na huɗu shi ne "su bar shi kwanaki har ya nuna". Ba za ka kwana a marina kana jira ba, sai ka nemi alamar da ke nuna lokaci ya wuce, wato kumfar da ke taruwa a saman ramin da ya nuna, sakan 4.

Yanzu mun zo inda ni a ganina dukan amfanin wannan takarda yake. Jimla ta uku tana cewa su tsoma, su fitar, su sake tsomawa. Da muka rubuta hotonta a hagu, wato hannun marini yana tsoma zane yana fitarwa, sai ƙanwar tawa ta dubi gidajen biyu ta ce, "Yaya, ai abu ɗaya suke faɗa." Na ce madalla, kin gano. Duk layin da hagu da dama suka maimaita juna, ɗaya ya zama kaya. Mai kallo yana ganin hannu a ruwa, ba ya buƙatar a gaya masa. Sai muka share maganar, muka rubuta a gidan dama: babu murya, ƙarar ruwa kawai, sakan 4. Abin da ido ba zai iya ganewa da kansa ba shi muka bar wa murya a layi na shida: "Yawan tsomawa shi ke kawo duhun launi." A hagunsa, zannuwa uku a shanye jere, mai haske, matsakaici, da mai duhu, sakan 5. Wannan hoton na zannuwa uku babu shi a kanta kafin mu zauna. Takardar ce ta haife shi, kuma da ba a rubuta ba, da babu wanda zai tuna ya roƙi masu rini su jera su.

Layi na bakwai shi ne na fi so. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya san abin: zane ya fito jiƙe, launinsa kore-kore, a gaban idonka iska tana shigarsa yana juyewa shuɗi. Wannan ba ya son gaggawa, kuma ba ya son surutu. Muka ba shi sakan 9, kyamara a kafe, ba motsi. Kalmomi 18 suka koma takwas: "Iska ce ke mayar da koren nan shuɗi." Har muka rubuta cewa kada murya ta shigo sai bayan sakan huɗu, a bar ido ya fara mamaki tukuna.

Saura jimlar ƙarshe, ta ƙalubale iri-iri. Muka zauna muna kallon gidan hagu, fayau. Ƙalubale ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto. Gidan hagu da ya ƙi cika yana gaya maka cewa marubucin bai faɗi komai ba tukuna. Na tambaye ta me ta gani da idonta da ya sa ta rubuta haka. Ta ce ramuka da yawa a bushe, wasu ƙasa ta cike su. Na ce to rubuta wannan. Layi na takwas ya zama: "Ramuka da yawa yanzu babu mai rini a cikinsu", kyamara tana bin jerin busassun ramuka a hankali, sakan 6. Dalilin bushewarsu kuwa, na ce ta bar wa masu rini su faɗa da bakinsu, ta buɗe musu nasu layin, ta rubuta kalmar farko da ta ƙarshe ta abin da suka ce bayan an ɗauka.

Da muka tara, layi takwas, kalmomi sun sauko daga 84 zuwa 63, lokaci kuwa ya hau daga sakan 40 zuwa 46. Magana ta ragu, bidiyo ya ƙara tsawo. In an ba ka minti ɗaya cif, gara ka san wannan a kan takarda da ka gano shi a daren da za ka miƙa aiki.

Ga masu yi a kwamfuta, kalma biyu. A Word akwai wani abu da ake kira Columns, kada ya ruɗe ku; wannan na jarida ne, rubutu yana cika hagu ya malala dama. Jadawali kuke so, wato Table. Ku fara danna Enter a duk inda hoto zai canza, ku zaɓi rubutun duka, ku shiga Insert, sai Table, sai Convert Text to Table, ku ce a raba a Paragraphs, gida ɗaya. Kowane yanki zai faɗa nasa layin, sai ku ƙara gida a hagunsa. Masu daidaita gida biyu da tazarar Space kuwa, kalma ɗaya za ku gyara komai ya wargaje. Kuma a sa wa kowane layi lamba, domin a wurin ɗauka ka ce "saura na shida" ya fi sauƙi da ka tsaya karanto jimla a cikin hayaniya.

Ita dai ƙanwar tawa ta tafi Ƙofar Mata da takardarta a ninke cikin jaka, duk layin da aka ɗauka ta soke shi da biro. Ta dawo babu na huɗu, domin ranar ba ta dace da rami mai kumfa ba, kuma tun a can ta san sai ta koma.

Mai saurare, in kana da rubutun da kake shirin ɗauka gobe, ja masa layin nan a daren yau, ka fara duba gidan hagu.