Nonon saniyar da aka yi wa allura: kwana nawa za a jira?

Idan aka yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta, kamar penisilin ko oksitetrasiklin, wani ɓangare na maganin yana fita ta cikin nono. Ba ya canza launi, ba ya wari, kuma tafasawa ba ta kawar da shi duka. Masu kindirmo ne kan fara ganewa: nono ya kwana bai kama ba, domin maganin ya kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsami. Mutumin da jikinsa ba ya jituwa da penisilin kuwa zai iya samun ƙaiƙayi ko kumburi.

Shi ya sa ake rubuta wa'adin jira a jikin kwalba, na nama daban, na nono daban. Ana ƙirgawa daga allurar ƙarshe, ba ta farko ba. A ce kwalba ta ce kwana 7, aka yi allura Litinin, aka maimaita Alhamis: sai Alhamis ta gaba ta wuce nonon zai shiga kasuwa. Wasu kwalaben ma sun hana amfani da su ga saniyar da ake tatsa.

Mai shanu biyar ko goma ya ɗaura wa saniyar ƙyalle a ƙaho, ya tatse ta a ƙarshe cikin ƙwarya daban, ya zubar. Ko da kan nono ɗaya aka sa wa magani, duka huɗun ne ke jira. Wanda ya zarce awon da aka rubuta, wa'adin kwalba bai ishe shi ba, sai ya tambayi likitan dabbobi.