Amsa ta fito tas, amma ba daidai ba ce: yadda za ka kamo alamar da ta ɓata lissafi

In kai ne ɗan jami'a na farko a gidanku, ka san wannan kiran. Da magariba ƙanenka ko ƙanwarka za ta miƙo maka littafi, ko ta turo hotonsa ta WhatsApp, ta ce, "Yaya, duba mini, malam ya ce ban ci ba." Ba ruwan kowa da cewa aikin jarida kake karanta kamar ni. Tunda kana jami'a, ai ka san lissafi.

Haka ƙanwata ta yi mini a hutun da ya wuce. Tana aji uku na ƙaramar sakandare, jarrabawa na gabanta, ga jan biro ya cika mata shafi. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne amsarta lamba ce cikakkiya, ba ta da guntu. A wurinta, in amsa ta fito haka to magana ta ƙare. Ga tambayar, da yadda ta yi aikinta:

9 − 2(x − 5) = 3x − 11
9 − 2x − 10 = 3x − 11
−1 − 2x = 3x − 11
−1 + 11 = 3x + 2x
10 = 5x
x = 2

Tsaya ka duba kafin ka ci gaba. Ka ga inda ta kauce? In ba ka gani ba, kada ka damu, ni ma sau biyu na karanta daga sama zuwa ƙasa ban ga komai ba. Ido yana bin hanyar da mai rubutu ya bi, ya yarda da shi. Haka yake faruwa in kana gyara labarin da ka rubuta da kanka, sai ka tsallake kuskure ɗaya sau uku.

Abu na farko, daina karanta aikin. Ɗauki amsar ka mayar da ita cikin tambayar ta asali, kowane ɓangare daban. A hagu, in x ya zama 2, cikin baka akwai 2 − 5, wato −3. Sai −2 sau −3 ya ba ka 6, ka haɗa da 9, ka samu 15. A dama, 3 sau 2 shi ne 6, ka cire 11, saura −5. Alamar daidai tana cewa ɓangarorin biyu abu guda ne, kamar sikelin mai nama da ya tsaya cak. Mu kuma mun samu 15 a nan, −5 a can. Ba sai an jira malam ba, amsar ba ta zauna ba.

Wannan gwajin kowa ya taɓa jin sa a aji. Abin da ban taɓa jin an ce mana ba shi ne tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu tana nuna mai laifi. Daga −5 zuwa 15 tazarar 20 ce. Raba ta biyu, ka samu 10. Yanzu koma cikin aikin ka nemi inda 10 ta fito. Ga ta nan a layi na biyu, −10. Ita ce.

Dalilin bai da wuya. In abu ya kamata ya zama +10 aka rubuta −10, ba 10 aka yi asara ba, 20 ce. Ka ɗauka wani zai ba ka naira goma, sai aka rubuta a littafi kai ne za ka ba shi. Tsakanin abin da ya kamata ya kasance a aljihunka da abin da littafi ya nuna, naira ashirin ne. Duk lokacin da alama guda ta juya, sikelin yana karkacewa da ninki biyu na abin da alamar ke gabansa.

To me ya sa −10 ba daidai ba ce? Domin abin da ke ninka baka ba 2 ba ne, −2 ne. Alamar ɗebewa da ke gaban lamba tata ce, tare suke tafiya duk inda za su. Ƙanwata ta ninka −2 da x ta samu −2x, daidai. Da ta zo kan −5, sai ta ninka 2 da 5, ta kwafo alamar ɗebewar da ta gani a cikin baka ta manna. Amma −2 sau −5 shi ne +10. Na ce mata ta ɗauki −5 a matsayin bashin naira biyar da mai kanti ke bin ta. In aka cire mata wannan bashin har sau biyu, ta ƙaru ne ko ta ragu? Ta ce ta ƙaru da goma. Sai muka sake:

9 − 2x + 10 = 3x − 11
19 + 11 = 3x + 2x
30 = 5x
x = 6

Gwada ka gani. Hagu, 6 − 5 saura 1, sai 9 − 2 ya ba da 7. Dama, 18 − 11 shi ma 7 ne. Sikeli ya tsaya.

Lura da abin da ya sa wannan kuskuren ke da haɗari. Amsar kuskure 2 ce, amsar gaskiya 6, dukansu cikakkun lambobi. Yara da yawa suna dogara da guntu a matsayin ƙararrawa: in suka ga 13/5 sai su tsargu su koma. Wani lokaci hakan na taimakawa, amma ba abin dogaro ba ne, don akwai tambayoyin da amsarsu ta gaskiya guntu ce, akwai kuma kuskuren da ke fitowa fes. A jarrabawar zaɓi irin ta JAMB, kada ka yi mamaki in ka ga amsar kuskurenka zaune cikin zaɓuɓɓukan tana jiranka.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi yawa idan x yana ɓangarori biyu, wato wajen tsallake. Duba wannan:

5x − 7 = 2x + 14
5x + 2x = 14 + 7
7x = 21
x = 3

Nan ma amsa ta fito tas. Mayar da 3 cikin tambaya: hagu 15 − 7, wato 8, dama 6 + 14, wato 20. Tazara 12, rabinta 6. Sai ka duba aikin ka ga babu 6 a ko'ina. A nan ne za ka tuna cewa mai laifin yana iya zama yana ɗauke da x. Wane ne yake ba da 6 idan x ya zama 3? 2x ne. Shi ne ya tsallako daga dama zuwa hagu da alamar tarawarsa ba a juya ta ba. Da an rubuta 5x − 2x, za a samu 3x = 21, x ya zama 7. Gwaji: 35 − 7 shi ne 28, 14 + 14 ma 28.

Ka lura ɗalibin nan ya juya alamar 7 daidai, ya manta ta 2x. Ba tsautsayi ba ne. Alamar ɗebewar da ke gaban 7 a rubuce take, ido ya gan ta. Shi kuwa 2x yana farkon ɓangarensa, ba a rubuta masa alamar tarawa ba, sai yaro ya ɗauka ba shi da alamar da za a juya. Don haka in kana duba aikin wani, fara zargin abin da ke zaune nan da nan bayan alamar daidai.

Gaskiya ni ba na son wannan haddar ta "in ya tsallaka, alama ta canza", duk da da ita aka koya mana. Babu abin da ke tsallakawa. Abin da ake yi shi ne a cire 2x daga ɓangarorin biyu: a dama ya ɓace, a hagu ya bayyana da alamar ɗebewa. Kalmar aljabara kanta daga wannan aikin ta samo asali, daga littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, inda "aljabr" ke nufin ƙara abu a ɓangarorin biyu don a cike wanda aka ɗebe. Wanda ya riƙe hadda kawai shi ne za ka ga ya kai 30 = 5x, ya ce ai 5 ta tsallaka, ya raba 30 da −5, ya samu −6. Rabawa ba ta juya alamar abin da aka raba da shi. Da 5 aka ninka, da 5 za a raba.

Yanzu, dabarar rabin tazara tana da iyaka, kuma gara ka san ta. Tana aiki ne idan alama guda ce ta juya. In kuskure biyu ne, tazarar za ta cakuɗe, rabinta ba zai nuna kowa ba. Haka in an riga an ninka ko an raba duka layin da wata lamba kafin kuskuren ya faru, kamar a tambayoyin da ke da guntu, girman tazarar zai canza. A irin wannan hali akwai hanyar da ba ta kuskure, sai dai ta fi cin lokaci: ɗauki amsar ɗalibin ka riƙa gwada ta daga layin ƙasa zuwa sama. A aikin ƙanwata, 2 ta zauna a 10 = 5x. Ta zauna a layin da ke samansa, 10 da 10. Ta zauna a −1 − 2x = 3x − 11, −5 da −5. Ta zauna a layi na biyu ma. Sai a layin farko ta ƙi. Kuskuren yana tsakanin layin ƙarshe da amsar ta zauna da layin farko da ta ƙi zama. In ka gyara shi, ka sake aikin daga nan, ka sake gwaji, kuskure na biyu zai fito in akwai.

Akwai kuma wanda gwajin amsa ba ya kamawa sam: kuskure biyu da suka kashe juna, amsa ta fito daidai ta karkatacciyar hanya. A jarrabawar rubutu irin ta WAEC da NECO ana ba da maki kan matakan aiki, ba kan amsar ƙarshe kaɗai ba, don haka mai irin wannan sa'ar yana iya rasa maki. Maganinsa shi ne ka gwada amsar a kowane layi, ba a na farko kawai ba. Layukan da ke tsakanin kuskuren biyu za su ƙi zama.

Kafin ta karɓi littafinta na nuna mata abu guda na rage haɗari tun farko: ta tara x a ɓangaren da lambar gabansa ta fi girma. Tsakanin −2x da 3x, ta kai su wajen 3x, sai ta ƙare da 5x, ba −5x = −30 ba, inda rabawar ƙarshe ke sake buɗe ƙofar kuskure. Sai dai ta kula, tsakanin −2x da −7x, −2 ce babba.

Ta ce, "To Yaya, ba ni wata in gwada." Na rubuta mata 4 − 3(x − 2) = x − 6. Ta samu 1 a karon farko, ta mayar cikin tambaya, hagu ya ba ta 7, dama −5. Ta raba 12 biyu, ta kalli littafin, ta goge alama guda. Kai ma ɗauko biro ka nemo ta.